Yadda Ake Rubuta wa Hukumar Daraktoci Memo kan Buɗe Sabon Reshe: Misalin Kamfanin Sari na Katsina da ke Hangen Daura

Daraktocin kamfani ba sa zama kullum, kuma in sun zauna akan tarar da batutuwa biyar ko shida a gabansu, don haka memo, wato takardar bayani da shawara da manaja zai kai musu kan buɗe reshe, yana da aiki guda, wato ya sa su iya yanke hukunci a zaman nan ba tare da sun ce a koma a sake bincike ba. Yawancin memon da na gani an mayar da su suna faɗuwa ne a wuri ɗaya. Marubucin yakan zana akwatin bincike mai gida huɗu da ake kira SWOT, ya cika kowane gida da kalmomi masu daɗin ji, sannan a shafin ƙarshe ya ce a buɗe reshe, alhali babu igiyar da ta ɗaure abin da ke cikin akwatin da shawarar da ya bayar. Wannan jagora za ta bi misali ɗaya daga farko zuwa ƙarshe domin a ga yadda ake ɗaura wannan igiya.

Misalin shi ne kamfanin da ke sayar da kayan masarufi a sari a cikin birnin Katsina, irin su shinkafa da sukari da fulawa da taliya da man girki, wanda cinikinsa na wata ya kai naira miliyan 120, kuma ribar da ke tsakanin kuɗin saye da kuɗin sayarwa kashi 6 cikin 100 ce. Daraktocinsa biyar ne, an kuma umarci manaja ya bincika ko ya dace a buɗe reshe a Daura. Duk alƙaluman kuɗin da za a gani a nan na misali ne, na tsara su domin lissafin ya fito fili, kuma wajibi ne mai rubuta memo na gaske ya ɗauko nasa daga littattafan kamfaninsa.

Tambayar da hukuma za ta amsa

Kafin a taɓa bincike, a rubuta tambayar a jimla ɗaya, a kai wa shugaban hukuma ya amince da ita. "Ko ya kamata mu faɗaɗa?" tambaya ce da ba ta da ƙarshe, domin kowane darakta zai fahimce ta yadda ya so. Wadda za ta yi aiki ita ce: "Ko kamfani zai ware kuɗi ya buɗe wurin sayarwa a Daura cikin wannan shekarar kuɗi, kuma in zai buɗe, da wane girma?" Amfanin wannan jimla zai bayyana nan gaba, lokacin da za a tace abin da aka tattaro, domin duk bayanin da bai taɓa amsarta ba waje za a yi da shi komai kyansa.

Tattaro hujja, farawa da littafin ciniki

Mutane da yawa sukan fara da hawa mota zuwa Daura su zaga kasuwa su dawo suna cewa gari ya cika ya batse. Zuwa Daura dole ne, amma shi ne mataki na biyu. Na farko shi ne a zauna da akanta a buɗe littafin ciniki na wata goma sha biyu, a ware kowane abokin ciniki bisa garin da yake kai kaya. A misalinmu an tarar da 'yan kasuwa 34 daga Daura da Mai'adua da Zango da Sandamu da Ɓaure waɗanda tuni suke zuwa Katsina sari, kuma abin da suke saye a wata ya kai naira miliyan 18. A riƙe wannan adadi da kyau, domin shi ne zai juya lissafin gaba ɗaya.

Dalilin ɗaukar wata goma sha biyu shi ne cinikin masarufi ba ya tafiya bai ɗaya. Cinikin sukari da man girki da fulawa yana tashi sosai gab da azumi da lokacin salla, sannan ciniki yakan yi sanyi a tsakiyar damina, lokacin da kuɗin manomi ya tafi gona kuma amfanin bana bai iso gida ba. Wanda ya ɗauki cinikin watan Sha'aban ya ninka shi sau goma sha biyu ya yaudari hukuma, ko da bai yi niyya ba.

Bayan littafi sai a je Daura, wadda ke da nisan kimanin kilomita 80 daga Katsina ta hanyar Mashi, a tafi da tambayoyi a rubuce. A tambayi masu shaguna a ina suke sari yanzu, nawa suke biya a kan buhu har ya iso ƙofar shagonsu, kwana nawa ake ba su bashi, kuma me zai sa su canza wurin saye. A rubuta adadin waɗanda aka tambaya, domin jimlar da ke cewa "mun tambayi masu shaguna 40, 26 daga cikinsu Kano suke zuwa" tana da nauyi a gaban darakta fiye da shafi guda na siffanta kasuwa. A kuma leƙa Mai'adua ranar da kasuwarta ke ci, a ga irin kayan da ke fita da inda suke dosa.

Raba bayanai gida huɗu

SWOT haruffan farko ne na kalmomin Turanci huɗu da ke nufin ƙarfi, da rauni, da dama, da barazana. Biyun farko na cikin gida ne, biyun ƙarshe na waje ne, kuma a nan ne ake yawan cakuɗa abubuwa. Akwai gwaji mai sauƙi: idan daraktoci za su iya canza abin da ƙudurinsu, to ƙarfi ne ko rauni, idan kuwa ko sun kwana suna zama ba za su iya canza shi ba, to dama ce ko barazana. Rashin gogaggen magatakardan sito rauni ne, tunda ana iya ɗauka ko a horar. Tsadar man dizal barazana ce, tunda ba a ɗakin taron kamfani ake tsayar da farashinsa ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a rubuta "buɗe reshe a Daura" a gidan dama, alhali shi ne abin da ake tambaya a kai. Damar ita ce halin da ke Daura wanda zai sa reshen ya ci riba.

A gidan ƙarfi, manajan misalinmu ya fara da abubuwa tara, ciki har da "suna mai kyau" da "ma'aikata masu ƙwazo", waɗanda kowane kamfani a Najeriya zai iya faɗa game da kansa. Bayan tacewa, abubuwa biyu suka rage. Na ɗaya, kamfanin yana ɗauko kaya kai tsaye daga masana'anta a matsayin dila, saboda haka farashinsa na saye ya yi ƙasa da na mai sari daga hannu na biyu. Na biyu, yana da waɗancan abokan ciniki 34 da aka san halin biyansu shekara da shekaru. Ƙarfi sai an auna shi da na abokin hamayya a wurin da za a je, domin motar da ta ishe ka rabon kaya tsakanin Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Marusa ba lalle ta zama ƙarfi a hanyar Daura ba.

Gidan rauni shi ne wanda manajoji ke tsoro, saboda suna ganin tamkar suna kai ƙarar kansu ne. Ni a ganina memon da gidan rauninsa ya zo fayau ya fi kowanne saurin zubar da mutuncin marubucinsa, domin daraktoci sun san kamfaninsu, kuma in ba ka faɗa ba wani zai faɗa a zaman, da murya mai zafi. A misalinmu raunin uku ne. Ana rubuta shigar kaya da fitarsu da hannu, kuma ƙidayar sito ta ƙarshe ta nuna giɓi. Bashin da ya wuce kwana talatin a hannun abokan ciniki ya kai naira miliyan 9. Sannan mutum ɗaya ne kawai a kamfanin ya iya riƙe shago shi kaɗai, wanda in an tura shi Daura sai Katsina ta rame. Kowane ɗaya daga cikin ukun yana ƙara muni idan aka yi nisan kilomita 80 da idon mai gida.

Dama a Daura ta gaske ce, amma tana bukatar a rubuta ta da taka-tsantsan. Garin ya samu manyan makarantu na tarayya a shekarun baya-bayan nan, wato Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri, waɗanda suka kawo ɗalibai da ma'aikata da masu dafa abincin sayarwa. Sai dai ɗalibai suna tafiya hutu, saboda haka cinikinsu ba na wata goma sha biyu ba ne. Akwai kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021, kuma aka tsara ya bi ta Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya. Ana iya ambatonsa, amma kada a sa ko kwabo na cinikinsa a lissafi, domin ranar da jirgi zai fara jigilar kaya ba a hannun kamfani take ba, kuma jirgin da zai kawo maka masu saye shi ne zai sauƙaƙa wa dilolin Kano kawo nasu kayan. Damar da ta fi ƙarfi ita ce wadda ta fito daga bakin masu shaguna 26 ɗin nan, waɗanda suka ce za su so su sami kaya a kusa su huta da kuɗin mota da ɓata yini guda a hanya.

Barazana ta farko ita ce Kano. Ɗan kasuwar Daura yana da hanyar Kazaure a buɗe zuwa kasuwar Singa, inda manyan diloli ke iya sauke farashi na 'yan makonni ba tare da sun ji a jikinsu ba. Ta biyu ita ce iyaka. Wani ɓangare na kayan da ake saye a wannan yanki yana bin hanyar Kongolam zuwa Nijar, kuma an rufe iyakokin ƙasa daga watan Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin watan Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024. Abin da ya faru sau biyu cikin shekara biyar bai kamata a rubuta shi kamar abin da ba a zata ba. Ta uku ita ce kuɗin sufuri, wanda kowa ya ga yadda ya yi tsalle bayan cire tallafin fetur a ƙarshen watan Mayun 2023.

Mayar da binciken zuwa naira

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Manaja ya yi hasashen cewa cikakken reshe zai kai cinikin naira miliyan 40 a wata bayan ya zauna da gindinsa. Kuɗin tafiyar da shi a wata kuwa ga yadda suke: haya naira 150,000, wato miliyan 1.8 a shekara. Albashin manajan reshe da mai karɓar kuɗi da magatakardan sito da masu gadi biyu naira 510,000. Jigilar kaya sawu huɗu daga Katsina a kan naira 90,000 kowane sawu, wato 360,000. Wuta da dako da ƙananan hidimomi 120,000. Sai 60,000 da aka ware domin buhun da ya fashe ko kayan da suka lalace. Jimilla naira miliyan 1.2 ke nan a wata.

Lissafin da ke zuwa a zuciya da farko shi ne kashi 6 cikin 100 na miliyan 40, wato miliyan 2.4, a cire miliyan 1.2, a ce reshe zai kawo ribar miliyan 1.2 kowane wata. Wannan lissafi kuskure ne, domin miliyan 18 daga cikin arba'in ɗin nan cinikin mutum 34 ne da tuni kamfani yake samu a Katsina, wanda kawai zai tashi daga wannan littafi ya koma wancan. Sabon cinikin miliyan 22 ne, ribarsa naira 1,320,000, in an cire kuɗin tafiyarwa sai 120,000 ta rage. Abin ma ya fi haka ciwo in an lura cewa a da mutanen nan su ke biyan kuɗin motar kai kayansu Daura, yanzu kuwa kamfani ne zai ɗauke musu.

Daga nan sai a fitar da adadin da ya kamata kowane darakta ya fita da shi a kansa, wato cinikin da reshe zai yi kafin ya riƙe kansa. Ana samunsa ta raba kuɗin tafiyarwa na wata da kason riba:

```
1,200,000 ÷ 0.06 = 20,000,000
```

Ma'ana sai reshen ya samo sabon ciniki na naira miliyan 20 kowane wata, ban da na tsofaffin abokan ciniki, kafin a ce ba a ci ba ba a faɗi ba. Tazarar da ke tsakanin wannan da hasashen miliyan 22 siririya ce ƙwarai. Jarin da za a zuba kuwa ya haɗa da kayan cika sito na miliyan 20, da hayar shekara biyu da mai gini ya nema a biya gaba ɗaya miliyan 3.6, da gyara da katako da sikeli miliyan 3, da bashin da dole a ba sababbin abokan ciniki kimanin miliyan 6, jimilla miliyan 32.6. Ribar shekara ta miliyan 1.44 a kan wannan jari ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba, kuma duk daraktan da ya san kasuwa zai ce da an bar kuɗin suna juyawa a siton Katsina da sun fi haka haihuwa.

Yanzu sai a ɗauko barazana a jarraba lissafin da ita, wanda shi ne ainihin ɗaura igiyar da na ambata. A ce dilolin Kano sun matsa har an rage riba zuwa kashi 5 cikin 100 a Daura. Sabon cinikin miliyan 22 zai ba da miliyan 1.1, wato faɗuwar naira 100,000. Ba a nan ta tsaya ba, domin tsofaffin abokan ciniki ma za su sayi nasu a sabon farashi, a rasa wata 180,000, faɗuwar wata ta zama 280,000. Da wannan ɗan gwaji barazanar Kano ta tashi daga kalma a cikin akwati ta zama adadin da hukuma za ta iya aunawa. Haka za a yi da rufe iyaka da tsadar mai, amma a memo a nuna biyu ko uku kawai waɗanda suka fi girgiza lissafin.

Zaɓi uku, shawara ɗaya

Hukuma ba ta son a kawo mata hanya ɗaya tak a ce ta sa hannu, kuma ba ta son a zube mata hanyoyi a tsaya gefe. A kawo zaɓi uku na gaske. Na farko cikakken reshe, kamar yadda aka lissafa. Na biyu a bar maganar, kuma a faɗi abin da barin zai iya jawowa, wato wani dila ya riga kamfani zama a Daura ya janye wani kaso na waɗancan miliyan 18. Na uku ƙaramin sito na gwaji na wata shida.

Siton gwajin zai ci hayar naira 600,000 a shekara, wato 50,000 a wata, da albashin mutum biyu da mai gadi 340,000, da sawu uku na mota 270,000, da sauran hidima 60,000, jimilla 720,000 a wata, wanda ke nufin sabon cinikin miliyan 12 ya ishe shi riƙe kansa. Jarinsa miliyan 14 ne: kaya na miliyan 10, haya 600,000, gyara 900,000, da iyakar bashi miliyan 2.5. Sannan a lissafa mafi munin abin da zai iya faruwa. In aka yi wata shida ba a samu sabon abokin ciniki ko ɗaya ba, kuɗin tafiyarwa miliyan 4.32 sun tafi, da ragowar haya 300,000, da gyara 900,000, in kuma bashin duka ya nutse a ƙara miliyan 2.5, abin ya kama kimanin miliyan 8. Kayan sito ana iya lodo su a mayar Katsina. Darakta yakan fi samun natsuwa da manajan da ya gaya masa iyakar asarar da zai iya yi fiye da wanda ya cika masa kunne da riba.

Shawarar dole ta zo da sharuɗɗan da aka ciro daga gidan rauni da na barazana, ɗaya bayan ɗaya. Saboda raunin ƙidaya, ba za a buɗe ba sai an fara shigar da kayan sito a kwamfuta a Katsina, an kuma tsara ƙidaya kowane mako biyu wadda wani daga hedikwata zai je ya yi ba tare da sanarwa ba. Saboda raunin bashi, babu sabon abokin cinikin da za a ba kaya bashi sai ya yi saye uku da kuɗi hannu. Saboda barazanar Kano, manajan sito ba shi da ikon rage farashi sai da izini a rubuce. A kuma faɗi ma'aunin ci gaba da na janyewa tun yanzu: in sabon ciniki ya kai miliyan 16 wata uku a jere, za a dawo wa hukuma da batun cikakken reshe, in kuwa bai kai miliyan 8 ba a wata na huɗu, za a rufe. Idan watannin gwajin sun haɗa da azumi, a bayyana cewa za a kwatanta su da yadda cinikin Katsina ya tashi a watannin, don kada albarkar lokaci ta zama hujjar ƙarya.

Tsarin takardar kanta

Jikin memo kada ya wuce shafi biyu, sauran lissafi su tafi rataye. A sama a rubuta wanda aka aika wa, da wanda ya aiko, da kwanan wata, da batu, sannan a nuna cewa takardar ta neman hukunci ce. Sakin layi na farko shi ne shawarar, kafin kowane bayani. Na san al'adarmu ta rubutu ta fi son a fara da shimfiɗa, a bi a hankali har a iso ga buƙata, kuma wasu na ganin fara wa manya da buƙata kamar rashin ladabi ne. Ladabin yana cikin lafazi, kuma babu girmamawar da ta wuce a tanadar wa dattijo lokacinsa. Ga yadda zai iya kasancewa:

"Ranka ya daɗe Shugaba, da sauran daraktoci masu girma, ina neman amincewar hukuma a ware naira miliyan 14 domin buɗe ƙaramin sito na gwaji a Daura na tsawon wata shida, a kuma jingine batun cikakken reshe har sai an ga sakamakon gwajin. Dalili shi ne cikakken reshe zai ci jarin miliyan 32.6, kuma yana bukatar sabon cinikin miliyan 20 a wata kafin ya riƙe kansa, alhali hasashenmu miliyan 22 ne kawai. Iyakar asarar da gwajin zai iya jawowa kimanin miliyan 8 ce."

Bayan wannan sai ɗan taƙaitaccen bayani kan yadda aka yi binciken, jimla uku sun isa: littafin wane lokaci aka duba, mutum nawa aka tambaya, kuma a wane wata. Sai sakamakon binciken. Akwatin mai gida huɗu yana iya zama a rataye, amma a jikin memo a rubuta kowane batu da cikakkiyar jimla mai ɗauke da abin da aka gano, da hujjarsa, da tasirinsa ga hukunci. Maimakon "rauni: bashi", a rubuta: "Bashin da ya wuce kwana talatin ya kai miliyan 9 a Katsina, inda muke ganin masu bashin kullum, saboda haka na sa iyakar miliyan 2.5 a Daura." Daga nan sai zaɓin uku a ƙaramin jadawali mai nuna jari, da kuɗin wata, da cinikin riƙe kai, da iyakar asara. A raba abin da aka ƙirga da abin da aka yi hasashe a sarari, domin miliyan 18 daga littafi ta fito, miliyan 22 kuwa zato ne, kuma hakkin daraktoci ne su san bambancin.

Akwai wani batu da ba a so a taɓa amma tilas ne. A garuruwanmu da wuya a nemi shago ko sito a rasa alaƙa da wani a cikin hukuma, ko ginin na ɗan'uwan darakta ne, ko wanda ake so a ba riƙon reshen surukinsa ne. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa darakta ya bayyana maslaharsa a duk wata yarjejeniya da kamfani zai shiga. Abin da ya dace manaja ya yi shi ne ya sanar da sakataren kamfani da shugaba tun kafin zama, ya kuma kawo farashin hayar wasu wurare biyu domin kwatanci, ta yadda daraktan zai bayyana da bakinsa a rubuta cikin bayanan taro ba tare da an kunyata kowa ba.

Kafin zama da ranar zama

A ba akanta memon ya sake lissafa kowane adadi da kansa, domin kuskure ɗaya a jimilla ya isa ya sa a daina yarda da sauran shafukan. A kuma ba wani da bai san batun ba ya karanta sakin layi na farko kaɗai, a tambaye shi me ake nema, nawa ne, kuma don me. In ya kasa amsawa, sakin layin ne bai yi ba. Takardar ta isa hannun daraktoci aƙalla mako guda kafin zama, tare da sanarwar taro.

A zaman, kada a karanta memon daga farko, tunda an ɗauka sun karanta. Minti biyar sun isa a maimaita shawara da adadi uku, sannan a saurari tambayoyi. Wadda ta fi zuwa daga daraktan da ke ɗokin reshe ita ce: "Manaja, in muka tsaya gwaji wani ya riga mu fa?" Amsarta tana cikin takardar, wato sito na gwaji ma zama ne a Daura, yana riƙe mutum 34 ɗin nan, kuma ana iya neman mai gini ya rubuta a yarjejeniya cewa kamfani ne zai fara samun tayin babban shagon in za a bayar da shi haya.

Abu na ƙarshe a memon shi ne lafazin ƙudurin da ake so a zartar, a rubuce yadda sakatare zai kwafe shi kai tsaye: "Hukuma ta amince a ware naira miliyan 14 domin sito na gwaji a Daura na wata shida, bisa sharuɗɗan da ke sashe na huɗu na wannan memo, kuma manaja zai kawo rahoton ciniki da bashi da ƙidayar sito a ƙarshen wata na biyu da na huɗu da na shida." Idan hukuma ta canza wani adadi a zaman, misali ta rage iyakar bashi zuwa miliyan 2, sakatare ya gyara lafazin nan take ya karanta wa kowa kafin a tashi, sannan a liƙa kwafin memon a bayan bayanan taron, domin da shi za a auna rahoton wata na biyu.